Rariyar Gidan Hamidu Fatoma

Hamidu Fatoma mutum ne da ba ya son a ji magana mai ɗaci daga bakinsa. In rago zai yanka wa baƙi, da kansa yake tsayawa ƙofar zaure ya sanar, har makwabta su ji. In kuwa zancen a kawo ne, sai ya nemi wanda zai ɗora wa, shi ya sulale. Gidansa na Gangara a da masaukin fatake ne, amma tun da Nasara suka zauna daram, jirgin ƙasa ya iso Kano, ayari ya ja baya, sai ya koma ba da ɗakunan haya ga duk wanda Allah ya kawo. Shi ya sa da rariyar gidan ta toshe gab da faɗuwar damina, bai tara mutanen gidan ba. Tabawa ya kira, ya ba ta saƙo, ya hau jakinsa ya tafi tunga, inda gonarsa take, wai zai yi binnen iri kafin ruwa ya sauka.

Tabawa tsohuwa ce mai sayar da fura, kuma ita ta fi kowa daɗewa a gidan. Tun shekarar yunwa suka zo da mijinta. Shi ya gina ɗakin da take ciki da hannunsa, da yardar Hamidu, a kusurwar da tsakar gida ta gangara, jikin katangar da rariya ta huda. Mijin ya rasu, ɗakin ya rage mata. Hamidu ya sha gaya mata cikin raha cewa ran da ɗakin nan ya faɗi, ba shi da ƙarfin tayar da shi, sai dai ta koma Belbeji wurin ɗan ƙanenta. Tabawa ta san rahar Hamidu, gaskiya ce yake sa wa zuma. Ta kuma san zaman gidan ɗan ƙane, inda za a riƙa miƙo mata tuwo ana duban hannunta. Ta fi son ta mutu a kan tabarmarta da ta je can.

Ga yadda rariyar take. Rami ne a gindin katanga, an sa masa wuyan tsohuwar randa don kada ruwa ya ci ƙasar. Ruwan wanka da na alwala da na wanke-wanke, da na sama in an yi, duk nan suke bi su fita, su faɗa kwatamin da ke bayan gida, wanda aka cika da duwatsu da fasassun tukwane don ƙasa ta shanye. Yanzu ruwa ya ƙi fita. Ya kwanta a kusurwar, ya yi kore, sauro ya samu gari. Mutanen gida warin suke ji su toshe hanci su wuce. Tabawa kuwa gindin bangonta take duba kullum safiya, ta ga damshi ya ƙara hawa.

Saƙon Hamidu bai da wuyar riƙewa. Ya ce kwatami ya cika da toka da yashi, maƙogwaron rariya kuma ya cushe. Ya yi magana da Dado mai haƙar rijiya, zai zo kashegarin kasuwa. Ladan Dado gero ne, shi Hamidu zai ɗauki rabi, sauran rabin a raba wa ɗakuna, kowane ɗaki ya kawo nasa kafin Dado ya sa hannu. Ranar farko a buɗe kwatami daga waje a kwashe baƙin taɓon, don in aka fara ta ciki ruwan ba shi da inda zai je. Rana ta biyu a fasa maƙogwaron a sake sa wuyan randa. Rana ta uku a yaɓe gindin katanga a bar shi ya sha iska. Kowane ɗaki zai ba da mutum ɗaya na ɗaukar ƙasa, kuma har a gama ba mai zubar da ko ruwan kurkure baki a tsakar gida.

Tabawa ta ɗaura ɗankwali ta fara da Ila baduku, gwauro, wanda ke zaune bakin ƙofarsa yana ɗinkin sirdi. Ila ya saurara da kyau, ya yaba wa Hamidu, ya ce wannan tsari ne na masu hankali, sai dai wuri ɗaya. Shi mutum ɗaya ne, wanka kuma daga Juma'a sai Juma'a, wannan kowa shaida ne. Tabawa ta ce lallai kowa shaida ne, har mutanen kasuwa. Ila bai ji haushi ba, ya ce to tunda haka ne a raba bisa kawuna, ba bisa ɗakuna ba. Ya ƙara da cewa ya taɓa zura sanda cikin ramin ya ji ta ci karo da abu kamar dutse, saboda haka shi ya riga ya fara aiki kafin kowa, ya kamata a rage masa.

Daga nan ta je wurin Zalika, matar Sani mai jakuna, wadda ke da 'ya'ya cike da ɗaki. Zalika ta ji zancen kawuna ta ajiye taɓarya. Ta ce maigida ɗakuna ya ce, ita kuma ba ta saɓa wa maigida. Ta ce in kai ake ƙirgawa, a ƙirga fatun da Ila yake jiƙawa ya zubar da ruwansu a nan, kowace fata kai guda ce tunda da ranta kafin ta zo hannunsa. Malam Abdu mai ɗinkin riguna shi ma yana da tasa hujjar, kuma ya faɗe ta a hankali, yana murza carbi. Ya ce ruwan da yake zubarwa na alwala ne, ruwan alwala kuwa bai taɓa toshe wa bawa hanya ba. Amma ba ya ƙi, in kowa ya kawo shi ma zai kawo. Wannan magana ta "in kowa ya kawo" ita ce ta fi ba Tabawa tsoro, don ta san a gidan haya kowa na nufin ba kowa.

Saura baƙin gidan, Hamma da matarsa Fadimata. Makiyaya ne daga arewacin Tenhya. Fadimata ta faɗo daga raƙumi ta karya ƙafa, aka kawo ta wurin maɗorin Gangara, suka bar dabbobinsu hannun ƙanen Hamma, suka zo da raƙumi ɗaya da akuyoyi biyu don madara. Hamma ya kama ɗaki kamar kowa, amma kwana ɗaya ya yi a ciki ya ce numfashinsa na tsayawa. Sai ya zuba kayansu a ɗakin, ya kafa wa matarsa bukkar tabarmi a tsakar gida suka koma can. Mutanen gida sun yi ta dariya, wai buhun gishiri na kwana a ɗaki mai shi na kwana waje. Sun kuma yi dariyar akuyoyinsa da ke zuwa shan ruwan kusurwar nan, shi kuma yana tsaye yana kallonsu da murmushi.

Tabawa ta gaishe su, ta tambayi ƙafa, ta faɗi saƙo. Hamma ya ji har ƙarshe, ya gyara rawaninsa, ya ce shi bai taɓa zubar da ruwa ba tun da uwarsa ta haife shi, kuma bai gane yadda za a ce mutum ya ba da gero don a kori ruwa daga gida ba.

"Inna, ku dakata tukuna," in ji shi, da Hausarsa ta kasuwa. "Ku bari sama ta zubo. Sa'an nan ku gani, sa'an nan mu yi magana."

Tabawa ta ɗauka irin taurin kan mutanen daji ne, ta ce masa in sama ta zubo ai magana ta ƙare. Ta koma ɗakinta da ƙwaryar da ta fita da ita, ba ko ƙwayar gero a ciki sai wanda ita ta fara zubawa don ta ja hankalin sauran.

Ranar kasuwa ta zo ta wuce. Dado ya leƙo da safe da kwandonsa da dagi, ya dubi ƙwaryar, ya dubi Tabawa, ya ce shi bai iya haƙa da alkawari ba, ana jiransa a wata rijiya, in gero ya cika a aiko. Ba laifinsa ba ne, yana da iyali. Tabawa ta sake zagaya gidan, ta sake, har yaran Zalika suka fara kiranta Sarkin Rariya. Ta aika wa Hamidu ta bakin wani mai zuwa tunga, aka dawo mata da amsa cewa ya ji, ya gode, su daidaita a tsakaninsu tunda duk 'yan gida ɗaya ne. Hannu da yawa, an ce, maganin ƙazamar miya, amma hannayen gidan nan kowanne yana cikin aljihun mai shi.

Abin da ya fi cin ranta shi ne gabas. Kowace la'asar hadari na haɗuwa ya watse, garin duk ya ɗaga kai yana roƙo. An binne iri a gonaki, rijiyoyi sun ja ƙasa, sai an haɗa igiya da igiya. A ƙasar nan ta Damargu wanda ya ƙi ruwan sama ai ba a san sunan da za a kira shi ba. Da matan unguwa suka dafa gumba ta sadakar roƙon ruwa, Tabawa ta ba da nata geron, ta ɗaga hannu tare da su, amma amin ɗinta bai kai zuci ba. Ta ji kunyar Ubangijinta ƙwarai. Ta dawo ta zauna ta jingina da bangon, ta ji sanyinsa ya ratsa zanenta, ta yi hawaye ita kaɗai.

Ruwan bai yi shawara da ita ba. Wata azahar iska ta taso, gari ya yi duhu, aka fara yayyafi, kafin a kwashe shanya ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta ɗauki guɗa. Yaran Zalika suka tuɓe suka fito tsalle, Malam Abdu ya tsaya bakin ƙofa yana hamdala, Ila ma ya miƙa kansa waje, wanda Zalika ta ce a rubuta masa a matsayin wankan Juma'a mai zuwa. Ruwan tsakar gida kuwa duk ya bi gangare ya nufi kusurwar Tabawa, ya tarar da ƙofa a rufe, ya tsaya ya fara hawa.

Tabawa ba ta jira kowa ba. Ta ɗauki taɓarya ta shiga ruwan, ya kai mata ƙwauri, ta lalubi bakin ramin da ƙafa ta fara duka. Abin da ke ciki bai ko motsa ba. Tana cikin haka ta ji an riƙe taɓaryar ta baya. Ta juya ta ga Hamma, rawaninsa sharkaf, fuskarsa cike da mamaki.

"Inna, me kike yi? Za ki ɓata aikin."

"Wane aiki?"

"Nawa. Ni na rufe shi."

Ya faɗa ne da fara'a, irin ta mai kyauta da ya daɗe yana ɓoye ta. Ya ce tun makon da suka sauka ya ga gidan na da rauni a gindi, ruwa na tsiyayewa ta nan yana tafiya banza, ba wanda ya kula. Mutanen gida sun yi musu alheri, Tabawa ma kullum tana aiko wa Fadimata fura, shi kuwa ba shi da abin sakayya. Sai ya fita ta baya ya nemi dutse daidai ramin, ya naɗe shi da tsohuwar salka, ya cusa, ya bi da laka, yadda suke tare ruwa a kwari. Ya nuna mata tsakar gidan da hannu, ya ce ta duba, ga tabki Allah ya ba su a cikin gida, mata sun huta da zuwa rijiya.

Tabawa ta yi niyyar zagi, sai ta fasa. Mutumin nan ba mugu ba ne, kuma a inda ya fito maganarsa gaskiya ce, wanda ya ga ruwa na gudu ya ƙyale shi ai shi ne mahaukaci. Rashin sani ya fi dare duhu. Sai ta saki taɓaryar, ta kama hannunsa ta ja shi zuwa bangon ɗakinta, ta danna tafinsa a gindin. Yatsunsa suka nutse cikin ƙasar kamar a tuwo.

"Ɗana, ɗakinmu ba tabarma ba ne da za a shanya ya bushe," ta ce. "Ƙasa ce. In ta sha ruwa komawa take inda ta fito. Wannan kuma shi ke nan gare ni."

Hamma ya zaro hannunsa ya dubi lakar da ke jiki. Bai taɓa sanin bango na narkewa ba, a ganinsa abin da aka gina ya ginu ke nan kamar dutse. Ya ruga ya fita ta zaure ya zagaya bayan gida. Shi ya sa dutsen, ya san ta inda ya shiga. Ya durƙusa bakin kwatami, ya farke lakar da wuƙa, ya kama bakin salkar ya ja da ƙarfinsa duka. Dutsen ya fito, ruwan da ya daɗe a tsare ya biyo shi, baƙi, mai wari, ya wanke Hamma tun daga rawani har ƙafa, ya cika kwatamin nan da nan ya malala cikin lungu. Kwatamin da aka yi ta rigima a kansa ashe toka da yashin da ke cikinsa ko rabi ba su kai ba.

An makara kaɗan. Ruwan tsakar gida na janyewa, gindin bangon baya na ɗakin Tabawa ya zame ya zauna, jinka ta karkata. Da ba don Hamma ya dawo a guje ba da ta kife. Ya tumɓuke sandunan bukkar matarsa, Fadimata na zaune ruwa na dukanta tana miƙo masa su da kanta, shi da Ila da Sani suka tokare jinkar. Zalika ta kwashe tabarma da ƙoren fura ta kai ɗakinta. Malam Abdu ya riƙe sanda ɗaya, ya yi addu'a a kan sauran. Ba wanda ya tambayi ko bisa kawuna za a riƙe ko bisa ɗakuna.

Hamidu ya dawo bayan kwana biyu, ransa fari don gonarsa ta sha. Ya ji labari, ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce tun da yake saukar baƙi bai taɓa samun wanda ya yi masa kyautar tabki ba. Da ya zagaya ya ga bangon sai dariyar ta ragu. Ya yi gyaran murya, ya dubi hagu da dama yana neman wanda zai ɗora wa maganar, bai samu ba, don wadda ya saba aikawa ita ce maganar ta shafa. Dole ya faɗa da bakinsa. Ya ce ladan Dado ya faɗi tunda rariya ta buɗe, sai dai yaɓen bakin ramin da za a yi tare. Amma ginin bango da damina wahala ce, ba shi da mai yi, ba shi da abin biya. Gara Tabawa ta je Belbeji ta huta, in rani ya yi a gani.

Tabawa ta san ma'anar a gani. Ta sunkuyar da kai, ta fara tunanin wa za ta bar wa turminta.

Fadimata ce ta yi magana daga kan tabarmarta, ita da ba a cika jin muryarta ba. Ta ce a wurinsu ɗaki na mace ne, da shi ake kai ta, ko miji bai isa ya raba ta da shi ba, balle ruwa. Ta dubi mijinta. Maɗori ya riga ya sallame su, ƙanen Hamma ya aiko cewa ciyawa ta tsiro a arewa, dabbobi sun ɗaga, kuma duk wanda ya san makiyayi ya san abin da wannan saƙo yake yi wa zuciyarsa. Hamma ya daɗe yana kallon arewa ta saman katanga.

"Ni na kayar, ni zan tayar," ya ce. "Sai dai ban iya ba. A nuna mini."

Haka aka yi. Aka kewaye wurin da zana don kare ruwa, Sani ya kawo jar ƙasa a kan jakunansa, Ila ya ce shi zai aza tubali tunda ɗinki da gini duk jeri ne. Akan ɗora kaɗan a bari ya sha rana, in hadari ya taso a rufe, shi ya sa aikin ya ja har gero ya kai gwiwa. Kwaɓa ƙasa kuwa aka bar wa Hamma. Mutumin da bai taɓa taka laka da gangan ba, ga shi ya naɗe wando yana tattaka ta da ƙafa, yaran unguwa sun yi layi a kan katanga suna kallo. Tabawa ce mai zuba masa ruwa. Duk sanda ta karkata tulu a kan ƙasar sai ya runtse ido ya ce ya isa, ita kuma ta ce bai isa ba, ta ƙara.

Ran da aka sauke jinka a kan sabon bango, Hamma ya zare sandunan bukkarsu ya ɗaure a raƙumi, ya ɗora Fadimata. Tabawa ta kawo musu fura cike da ƙwarya ta guzuri, ta raka su har bakin gari tana yi masa tsiya, wai in ya je arewa ya ga rafi na gudu ya yi haƙuri ya ƙyale shi. Ya yi dariya ya ce wannan kam ba zai yi alkawari ba. Ciyawar farko ta riga ta wuce shi, dukansu sun sani, ba wanda ya ambata.

Da ta dawo ba ta tsaya hira da kowa ba. Ta karɓo tabarmarta daga ɗakin Zalika, ta shimfiɗa a inda take tun farko, ta saki asabari. Zalika ta leƙo tana tambaya ko lafiya da rana tsaka haka.

"Lafiya lau," in ji Tabawa daga ciki. "Ina ɗakina ne."